Idan Manhaja Ta Ce Ba Kai Ka Rubuta Ba, Sawun Alƙalaminka Ne Shaidarka

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa kara a kasuwar Illela ranar Lahadi ya san ba a sayen sa ko rago a ɓoye. Akwai dillali, akwai shaidu, akwai wanda ya san daga inda dabbar ta fito. In gobe wani ya taso ya ce tasa ce aka sace, rantsuwa kaɗai ba ta fitar da mai saye. Abin da ke fitar da shi shi ne ya iya nuna hanyar da dabbar ta bi har ta shigo hannunsa.

Yau rubutu ma ya shiga wannan hali. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a ƙarshen watan Nuwamban 2022, malamai da alƙalan gasa suka shiga zullumin cewa ɗalibi zai iya sa na'ura ta rubuta masa insha'i ya kawo da sunansa. Sai aka ƙera wasu manhajoji masu tantancewa, irin su GPTZero da wanda kamfanin Turnitin ya ƙara a tsarinsa a watan Afrilun 2023. Ana zuba musu rubutu, su kuma su fitar da lamba: kashi kaza cikin ɗari ya yi kama da aikin na'ura.

A jarrabawar da kuke rubutawa a zaure, gaban mai sa ido, wannan bai shafe ku ba. Amma gasar insha'i da ake turawa ta intanet, da takardar neman tallafin karatu, da ayyukan da ke jiran ku a jami'a ko kwaleji, duk suna iya bi ta cikin irin wannan manhaja. Tambayar da muka ɗauko a wannan makon ita ce: idan kai ka yi aikinka da guminka, manhaja ta ce ba kai ba ne, da me za ka kare kanka?

Hasashe take yi, ba gani ba

Abu na farko da ya kamata mu fahimta shi ne, manhajar ba ta ga lokacin da aka yi rubutun ba. Ba ta san wanda ya riƙe biro ba. Kalmomin da aka gama jerawa kawai take dubawa, ta auna yadda suke da sauƙin cinka.

Ga misali daga harshenmu. In muka ce muku wasiƙa ta fara da "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan…", kowa a cikinku zai ƙarasa da "alheri". Kalmar da ake tsammani ke nan. Na'urar da ke yin rubutu takan zaɓi kalmomin da aka fi tsammani, jimlolinta kuma sukan zo da tsayi kusan iri ɗaya. Don haka idan mai tantancewa ta ga rubutu lafiyayye, mara ba-zata, sai ta karkata ga cewa na'ura ce.

A nan gizo ke saƙa. Ɗalibin da Turanci ba harshen gidansu ba ne, kalmomin da ya tabbatar da su yake amfani da su. Yana bin tsarin da aka koya masa a aji: gabatarwa, dalili na ɗaya, na biyu, na uku, kammalawa. Yana saka jimlolin da ya haddace don kada ya yi kuskure. Wato taka-tsantsan ɗinsa ne ke sa rubutunsa ya yi kama da na na'ura.

An gwada wannan. A shekarar 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun ɗauki insha'i 91 da waɗanda Turanci ba harshensu ba ne suka rubuta don jarrabawar TOEFL, suka zuba su a manhajojin tantancewa guda bakwai. A matsakaici, kusan kashi 61 cikin ɗari na waɗannan rubuce-rubuce na mutane an ce na na'ura ne. Guda 89 daga cikin 91 kuwa, aƙalla manhaja ɗaya ta zarge su. Da aka zuba rubutun yaran Amurka 'yan aji takwas, kuskuren bai taka kara ya karya ba. Shi kansa OpenAI ya fito da tasa manhajar tantancewa a watan Janairun 2023, ya janye ta a watan Yuli na shekarar saboda yawan kuskurenta.

Kamfanonin suna cewa sun inganta kayansu tun daga lokacin. To, mu ɗauka kuskuren kashi ɗaya ne tak cikin ɗari. Jami'ar Vanderbilt ta yi wannan lissafi a watan Agustan 2023: ta ce ta tura wa Turnitin takardu 75,000 a shekarar 2022, kashi ɗaya cikin ɗari na wannan adadi kuwa 750 ne. Ta kashe manhajar. Idan gasa ta karɓi insha'i 500 na gaskiya, kuskuren kashi ɗaya na nufin mutum biyar za su sha zargi ba su ji ba ba su gani ba. Babu tabbacin ba ka cikin biyar ɗin.

Abin da ya fitar da wata ɗaliba

A shekarar 2023 ɗin dai, wata ɗaliba a Jami'ar California da ke garin Davis ta miƙa aikin da ta taƙaita wata shari'ar Kotun Ƙolin Amurka. Turnitin ta nuna alamar cewa akwai hannun na'ura, aka tura maganar ofishin ladabtarwa. An wanke ta daga baya, kuma cikin abin da ta gabatar akwai tarihin gyare-gyaren takardar a Google Docs, wanda ya nuna lokutan da ta yi ta aiki a kanta. Duk da haka ta sha zaman fargaba.

Darasin a fili yake. Manhaja na kallon ƙarshen aiki, ita kuwa ɗalibar ta nuna hanyar da aikin ya bi. Kuma ba ranar da aka zarge ta ta ƙirƙiro hanyar ba, ta riga ta ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu kawo shi gida Araba

Yawancinmu ba mu da kwamfuta a ɗaki, wayar ma sau da yawa ta aro ce. Wannan bai hana tara shaida ba. Bari mu ƙaddara wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare a Araba. Za ta shiga gasar insha'in Turanci mai kalmomi 600, ta zaɓi ta yi rubutu a kan dalilin da ke sa albasa ruɓewa a rudu kafin ta yi tsada. Ga yadda za ta tafiyar da aikin.

Ranar Asabar ta ware jota guda don wannan aiki kaɗai. A saman shafin farko ta rubuta kwanan wata, sannan ta je wurin kawunta mai noman albasa da tambayoyi biyar. Abin da ya faɗa da Hausa ta rubuta shi da Hausa, yadda ya fito daga bakinsa. Ranar Lahadi ta bi yayanta kasuwar Illela, ta tambayi masu sayar da albasa biyu farashin buhu a lokacin girbi da kuma bayan wata huɗu, ta rubuta amsar da ranar da wurin. Abin da ta tsakuro daga littafin aikin gona na makaranta, ta sa sunan littafin da lambar shafi a gefe.

Ranar Litinin ta zana tsarin insha'in: kanun magana huɗu, da kibiya daga kowanne zuwa bayanin da zai tallafe shi. Talata da Laraba ta yi zubin farko da biro. Inda ta yi kuskure ta ja layi ɗaya a kai, ta rubuta gyaran a sama. Ba ta goge ba, ba ta yage shafi ba. Ku lura da wannan sosai, domin ɗabi'armu ce mu yage shafi mai datti mu sake mai tsabta. Alhali shafin nan mai karce-karce shi ne shaida mafi ƙarfi, don shi ke nuna mutum yana tunani yana canza ra'ayi.

Ranar Alhamis ta kai wa malamar Turanci. Malama ta yi gyara da jan biro, ɗalibar kuma ta roƙe ta ta sa hannu da kwanan wata a ƙasan shafin. Yanzu akwai babban mutum da ya ga aikin tun yana ɗanye.

Kowane dare, kafin ta kwanta, takan ɗauki hoton shafukan ranar ta tura wa kanta ta imel. Me ya sa imel? Domin agogon waya kowa na iya juya shi baya, don haka ranar da ke jikin hoto ba ta da nauyi sosai. Amma lokacin da saƙo ya isa akwatin imel, na'urorin kamfanin ne ke rubuta shi, ba wayarka ba. In babu imel, a tura hoton ga malama ko wani babba ta WhatsApp, don ya zama akwai kwafi a wayar da ba taka ba.

Lokacin bugawa

Ranar Juma'a aka zo bugawa, kuma a nan ne shaidar mutane da yawa ke yankewa. Hanya biyu ce a gabanta.

Ta farko, ta kai shagon buga takardu. In haka ne, ta tabbatar an dawo mata da takardarta ta hannu, ta ce wa mai bugawa kada ya canza mata kalma ko ɗaya, ko da ya ga kamar kuskure ce. Wasu masu shago, don kyautatawa, sukan sa manhaja ta gyara Turancin. Sai ka tashi da rubutun da ya fi naka santsi amma bai dace da na jotarka ba. Ta karanta abin da aka buga layi-layi tana kwatantawa da nata, sannan ta nemi a tura mata fayil ɗin, domin ba lallai shago ya ajiye shi ba.

Ta biyu, ta buga da kanta a Google Docs. Wannan manhaja tana ajiye tarihin takarda da kanta: yaushe aka buɗe ta, me aka ƙara, me aka cire, kuma da asusun wa. A kwamfuta ana ganin tarihin ta wannan hanya:

```
File > Version history > See version history
```

Jerin ranaku da lokuta zai fito a gefen dama. In ka taɓa ɗaya, za ka ga yadda takardar take a wannan lokaci, da sabon abin da aka ƙara cikin launi. A wuri ɗaya akwai Name current version, inda za ka raɗa wa matakin da kake kai suna, kamar "zubi na biyu bayan gyaran Malama". Yin haka na da amfani, domin Google kan haɗe ƙananan gyare-gyare wuri guda bayan an daɗe, sunan kuwa zai sa ka gane matakin nan take. A kwamfuta aka fi ganin tarihin sosai, saboda haka in da waya ka buga, ka nemi ka buɗe asusunka a kwamfutar makaranta ko ta shago, ka kuma fita daga asusun in ka gama.

Akwai tarko uku a nan. Na farko, asusu. Idan ɗalibarmu ta buga a wayar yayanta da asusunsa, sunansa ne zai fito a kan kowane gyara, sai shaidar ta koma tana nuna kamar shi ya rubuta. Ta shiga da nata asusun. Na biyu, liƙawa. Idan ta buga rubutun a wata manhaja, sannan ta kwafo shi gaba ɗaya ta liƙa a Google Docs, tarihin zai nuna kalmomi 600 sun faɗo cikin minti ɗaya, kuma haka na wanda ya kwafo daga na'ura yake fitowa. Ta fara a takarda ɗaya ta ƙare a cikinta. Na uku, kwafi. Idan aka danna Make a copy, ko aka sauke takardar a matsayin PDF ko fayil ɗin Word, tarihin ba ya bin sabon kwafin. Yana nan a takardar asali kaɗai, don haka kada a share ta bayan an tura aiki.

Mai amfani da Microsoft Word ya sani cewa tarihin gyare-gyare yana samuwa ne idan fayil ɗin na ajiye a OneDrive. In a kan kwamfuta ko waya kawai yake, ko kana amfani da WPS Office ba tare da data ba, to yi naka tarihin da hannu. Duk ranar da ka yi aiki, ka adana da sabon suna maimakon ka danne na jiya:

```
albasa_01_2025-03-14.docx
albasa_02_2025-03-15.docx
albasa_03_2025-03-17.docx
```

Sai ka tura wa kanka kowanne ta imel ranar da ka samu data.

Ranar da zargi ya zo

Mu ce bayan mako biyu malamin da ke kula da gasar ya kira ta, ya ce manhaja ta ba insha'inta kashi 78 cikin ɗari. Abu na farko, kada ta sake taɓa takardar. Ko waƙafi ta gyara yanzu, zai fito a tarihi da ranar yau, ya jawo tambayar da ba ta da amfani. Na biyu, kada ta yi fushi ko kuka ya hana ta magana. Malamin ba maƙiyinta ba ne, lamba ya gani.

Za ta iya cewa: "Allah gafarta Malam, ni na rubuta shi. Ina roƙon a nuna mini wuraren da manhajar ta ja wa layi, a kuma ba ni zuwa gobe in kawo jotata da zubin farko." Ya dace kuma ta tambayi wace manhaja ce, da abin da lambar ke nufi. A wasu manhajojin, 78 na nufin kason rubutun da ake zargi. A wasu kuma, yana nufin ƙarfin zaton manhajar a kan rubutun baki ɗaya. Ko wanne ne, zato ne. Shi kansa Turnitin yana gargaɗin malamai da kada su hukunta ɗalibi bisa lambarsa kaɗai.

Washegari ta zo da kayanta a jere bisa kwanan wata: hirar kawu, farashin kasuwa, tsari, zubin farko, gyaran Malama, saƙonnin imel, tarihin bugawa. Kada ta zube su gaba ɗaya a tebur. Ta ɗauki jimla ɗaya daga cikin waɗanda aka zarga ta bi sawunta. Ga inda kawu ya ce albasar da aka sha ba ta ruwa dab da cira ba ta jure ajiya. Ga inda ta fara mayar da maganar Turanci ranar Talata, da kalmar da ta soke. Ga jan biron Malama a kan lokacin aikatau. Ga jimlar a takardar ƙarshe. Jimla biyu ko uku aka bi haka, mai hankali ya gane. Gani ya kori ji.

Daga nan ta miƙa kanta ga gwaji: "Malam, a tambaye ni duk abin da ke ciki, ko a ba ni takarda in sake rubuta sakin layi ɗaya a gabanku." In maganar ta wuce malami zuwa shugaban makaranta ko alƙalan gasa, ta nemi mahaifi ko malamar Turanci su raka ta. Hoto ko kwafin jotar za ta bayar, asalin ya zauna a hannunta.

Iyakar wannan shaida

Kada mu ruɗe ku, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke zama hujja yankakkiya shi kaɗai. Mai wayo na iya sa na'ura ta rubuta, shi kuma ya zauna ya kwafe da hannu ko ya buga kalma-kalma. Malamai sun san da haka. Amma irin wannan kwafi yana da kamanni: yana tafiya daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, babu sakin layin da aka ɗaga aka mayar wani wuri, babu ra'ayin da aka fara aka fasa. Aikin gaskiya kuwa yana da tuntuɓe, yana ɗaukar kwanaki, kuma yana ɗauke da abin da sai wanda ya je wurin zai sani, kamar farashin da aka faɗa maka a kasuwa ranar Lahadi kaza. Ƙarfin shaida yana cikin haɗuwarta: jota ta yarda da zubi, zubi ya yarda da tarihi, tarihi ya yarda da abin da ke bakinka.

Sai maganar fassara, wadda ta shafe mu kai tsaye. Da yawanmu mukan yi tunani da Hausa, mu rubuta da Hausa, sannan mu zuba a Google Translate. Tunanin naka ne, amma Turancin ba naka ba ne, kuma a gasar da Turanci ake aunawa wannan na iya zama saɓa doka. Haka manhajojin da ke sake tsara jimla gaba ɗaya. Ka karanta dokar gasa tun farko, in ba ka gane ba ka tambayi malami. Idan an yarda da wani taimako kuma ka yi amfani da shi, rubuta a jota: ranar kaza, manhaja kaza, a kan sakin layi kaza. In an tambaye ka, faɗi yadda aka yi.

Abu biyu kuma kada a kusance su. Kada ka zauna bayan zargi ka ƙirƙiro zubin farko ka sa masa tsohuwar rana. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma in aka gano shafi ɗaya na bogi, duk sauran na gaskiyar sun faɗi tare da shi. Kada kuma ka ɓata rubutunka da gangan, ko ka zuba shi a manhajojin da ke alƙawarin ɓatar da sawu daga masu tantancewa. Yin haka yana saka hannun na'ura a aikin da da babu shi.

Kayan aikin ba su da tsada: jota ɗaya, biro, da ɗabi'ar rubuta kwanan wata a saman shafi kafin kalmar farko. Ku ajiye jotar da fayilolin har sai an fitar da sakamako, kai, har ƙarshen shekarar karatu. Aikin gida na gaba da za a ba ku, ko da babu manhajar da za ta duba shi, ku gwada a kansa: ku sa rana, ku ja layi ɗaya a kan kuskure, ku bar shafin a jikin littafi.